Layi ɗaya a littafin firji: me aka duba, yaushe, me aka gani, sai kuma me?

A kusan kowane ƙaramin asibitin da ake yi wa yara allurar rigakafi akwai wata takarda da ake liƙawa a jikin firji ko a bangon da ke kusa da shi. Iyaye mata da ke zaune a kan benci da goyonsu ba su cika kallonta ba. Sau biyu a rana, safe da yamma, har da ranakun da babu aiki, ana so ma'aikaci ya duba sanyin firjin ya rubuta abin da ya gani. A gefen takardar, ko a wani littafi da ke kan tebur, akwai ɗan fili da aka bari domin ƙarin bayani. Galibi abin da ake samu a wannan fili bai wuce kalmomi huɗu ba: "An duba, lafiya lau."

Lafiya lau amsar gaisuwa ce. Mutum yana kwance yana fama da zazzaɓi, ka ce masa "ina kwana", ya ce maka "lafiya lau", kuma babu wanda zai ce ya yi ƙarya, domin haka ladabi ya tanada. Matsalar tana farawa ne idan wannan amsa ta bar bakin ƙofa ta shiga littafin aiki. Wanda zai karanta littafin yana so ya yanke shawara ne: a yi wa yara allura da wannan magani yau ko kada a yi. Kalmomin nan huɗu ba su ba shi abin da zai dogara da shi ba. Bai san wane firji ba, bai san ƙarfe nawa ba, bai san ko an buɗe an duba ko an dai ji ƙarar inji an wuce ba.

Layin rahoto mai kyau yana amsa tambayoyi huɗu: me aka duba, yaushe, me aka gani, kuma me za a yi yanzu. Na zaɓi firjin rigakafi domin a nan ne ake ganin illar sakaci a fili, amma wanda ke kula da janareta, da mai tsaron sito, da malamar jinya mai miƙa aiki da dare duk suna fuskantar tambayoyin nan.

Kafin mu kai ga rubutun, akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani game da firjin. A ƙananan asibitoci ana ajiye magungunan rigakafi tsakanin digiri 2 zuwa digiri 8 na ma'aunin salshiyos. Kowa ya san zafi yana lalata su, musamman ɗigon shan inna da ake sa wa yara a baki. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne sanyi ma yana kashe wasu. Allurar Penta, wadda ake yi wa jariri yana da mako 6, da 10, da 14, tana kare shi daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta. Idan ta daskare ko da sau ɗaya ne, ƙarfinta ya tafi, kuma ba ya dawowa bayan ta narke. Ga ido kuwa kwalbar tana nan kamar yadda take. Ɗan tambarin da ke jikinta, wanda ma'aikata ke kira VVM, murabba'i ne a cikin da'ira, kuma yana yin duhu idan zafi ya daɗe yana dukan kwalbar. Zafi kaɗai yake nunawa. Ba ya cewa komai game da daskarewa. Saboda haka ana iya yi wa yaro allura, a cika masa kati, uwarsa ta koma gida hankalinta kwance, alhali maganin da ya shiga jikinsa ba zai kare shi ba.

Don haka ne ake sa wata ƙaramar na'ura a cikin firji, mai riƙe lissafin sanyi na kwana 30. Tana nuna sanyin da ake ciki yanzu, tana kuma ajiye mafi zafi da mafi sanyi na kowace rana. Tana fito da alamar gargaɗi idan firjin ya wuce digiri 8 har tsawon awa 10 a jere, ko ya sauka ƙasa da rabin digiri a ƙarƙashin sifili har tsawon minti 60.

Yanzu mu ɗauki misali. Safiyar Litinin ce, 13 ga Janairu, cikin hunturu. Wata ma'aikaciyar lafiya ta shigo ƙarfe takwas da minti goma, ta buɗe firji, na'ura ta nuna digiri 4. Idan ta tsaya a nan ta rubuta "lafiya lau", gaskiya ta faɗa game da wannan mintin. Amma a fuskar na'urar akwai alamar gargaɗi. Ta danna maɓallin READ ta koma baya: a daren Asabar sanyi ya sauka zuwa digiri 2 ƙasa da sifili, ya yi awa uku da minti ashirin a can. Ta leƙa ciki, ta ga kwali biyu na Penta, kwalba goma sha biyu, a ƙasan firjin jingine da bango, na'urar ma a kusa da su, domin ranar Juma'a an kawo sabon kaya kwando ya cika. Firjin irin mai buɗewa ta sama ne, wanda bangonsa ke riƙe ƙanƙara, kuma ƙasansa ya fi ko'ina sanyi.

Ga yadda layinta ya kamata ya kasance:

"Litinin 13 ga Janairu, 8:10 na safe. Na duba firji na 1 da na'urar kwana 30. Yanzu +4.0. Gargaɗin sanyi daren Asabar 11 ga wata: mafi ƙasa −2.0, tsawon awa 3 da minti 20. Na tarar da Penta kwalba 12 a ƙasan firji, wajen kwando, jingine da bango. Ban yi gwajin girgiza ba tukuna. Na ware kwalaben cikin leda mai rubutun 'kada a yi amfani', suna cikin firji a kwandon sama. Na kira jami'in sanyi na ƙaramar hukuma 8:25; zai zo da wata Penta gobe Talata kafin 9:00, mu yi gwajin tare. Zan sake duba sanyi yau 4:00 na yamma."

Sai ta rubuta lambar rukunin da aka buga a jikin kwalaben, ta sa sunanta da sa hannu. Ya fi kalmomi huɗu tsawo, amma bai kai minti uku a rubuta ba, kuma incaj ɗin asibitin da ya tafi taro zai iya karanta shi da rana ya san inda aka kwana ba tare da ya kira kowa ba. Ma'aunin da nake gwada kowane layin rahoto da shi ke nan: wanda ba ya wurin, zai iya ɗaukar mataki da abin da aka rubuta kaɗai?

Mu bi sassan layin. Na farko shi ne abin da aka duba. "Firji" bai isa ba idan asibitin yana da biyu. A kira shi da lambarsa ko da wurin da yake. A kuma faɗi da me aka duba, domin akwai bambanci tsakanin karanta ma'aunin da ke jikin firji ta waje da karanta na'urar da ke kwance cikin magani. Wanda ya rubuta "na duba firji" kawai, mai karatu zai ɗauka ya duba komai: sanyi, tambarin kwalabe, ranar ƙarewar magani, robar murfi. In sanyi kaɗai ka duba, ka ce sanyi ka duba. Shi ya sa jimlar "ban yi gwajin girgiza ba tukuna" take da daraja. Tana nuna iyakar abin da aka sani. Mutane da yawa suna jin nauyin rubuta abin da ba su yi ba, suna ganin kamar sun kai ƙarar kansu. Ni kuwa a ganina wannan jimla ce ta fi nuna ma'aikaci ya san aikinsa, domin ta hana na gaba ɗauka cewa an gama.

Na biyu shi ne lokaci, kuma a nan akwai tarko. A misalinmu lokuta uku ne daban: lokacin da aka duba, lokacin da abin ya faru, da lokacin da aka sanar. An duba ranar Litinin, sanyin ya sauka daren Asabar, an kira jami'i minti goma sha biyar bayan ganowa. Idan aka haɗa su wuri ɗaya aka ce "yau firji ya daskare", za a tafi neman abin da ya faru yau, alhali tambayar gaskiya ita ce me aka saka a ciki ranar Juma'a, kuma an ɗebi Penta daga wannan kwali tsakanin Asabar da Litinin ko ba a ɗeba ba. Kalmomi irin su "jiya", "ɗazu", "da safe" suna aiki a baki ne kawai. A takarda, bayan mako ɗaya, babu wanda ya san jiyan wa ake nufi. A rubuta rana da wata da ƙarfe, a nuna safe ne ko yamma, shekara kuma ta kasance a saman shafi.

Lokacin da za a rubuta shi ne lokacin da aka duba, ko da an makara. Wanda ya shigo ƙarfe goma sha ɗaya ya rubuta takwas saboda takwas aka saba, ya ɓata lissafi, domin sanyin firji da sassafe ya bambanta da na hantsi. Abin da ya fi wannan muni shi ne cike gurbin Asabar da Lahadi ranar Litinin. Masu sa ido sun san alamarsa: digiri 5 a kowane layi tun daga farkon wata har ƙarshe, biro ɗaya, rubutun hannu ɗaya, babu hawa babu sauka. Firjin da ake buɗewa ana rufewa, rana ta fito ta faɗi a kansa, ba ya tsayawa a lamba ɗaya kwana talatin. Kuma na'urar tana riƙe da nata lissafin, sai a kwatanta. Idan ba a duba ba, a rubuta "ba a duba ba, babu ma'aikaci". Gurbin da aka bari da gaskiya yana gaya wa shugabanni cewa ƙarshen mako babu mai kula, su nemi mafita. Wanda aka cike da ƙage yana gaya musu komai daidai ne.

Sashe na uku, abin da aka gani, shi ne zuciyar layin, kuma a nan zan ɗan daɗe. Doka ta farko ita ce lamba ta riga hukunci. "Sanyi ya yi daidai" hukunci ne, "+4.0" shi ne abin da ido ya gani. Idan aka rubuta lambar, wani zai iya jera ta kusa da ta jiya da ta shekaranjiya. Firjin da ya nuna 4 ranar Litinin, 5 ranar Talata, 6 da rabi ranar Laraba, 7 da rabi ranar Alhamis, kowace rana yana cikin ƙa'ida, kowace rana "lafiya lau". Amma duk wanda ya ga lambobin a jere ya san firjin yana hawa, ya kamata a duba ko ƙura ta rufe faifan sola ko robar murfi ta saki, tun kafin Juma'a ta yi. Haka kuma kada a manta da alamar da ke gaban lamba. Tsakanin +2 da −2 ɗan layi ne ƙarami, amma ɗaya magani ne mai kyau, ɗaya kuma abin tuhuma ne.

Doka ta biyu ita ce a raba gani da zato, a kuma raba gani da ji. Ma'aikaciyarmu tana da tunanin abin da ya jawo matsalar: kwalaye a ƙasa, dare mai sanyi. Wataƙila ta yi daidai. Amma yana iya yiwuwa wani ya murɗa maɓallin sanyi, ko maɓallin ne ya lalace. Idan ta rubuta "Penta ta daskare saboda an ajiye ta a ƙasa", ta yanke hukunci biyu da ba ta tabbatar ba: cewa ta daskare, da kuma dalilin. Abin da ta sani shi ne iskar da ke kewaye da kwalaben ta sauka ƙasa da sifili na awa uku da ɗoriya. Ruwan da ke cikin kwalba yana iya daskarewa a wannan yanayi, yana iya kuma tsira. In tana son ta faɗi tunaninta, hanya a buɗe take: "Ina zaton ajiyewa a ƙasa ce ta jawo, ban tabbatar ba." Haka idan mai gadi ya gaya mata wani abu, sai ta rubuta "mai gadi ya ce", kada ta mayar da maganarsa tamkar abin da ta gani da idonta. Gani ya kori ji, kuma mai karatu yana da haƙƙin sanin wanne aka ba shi.

A lura kuma ba ta rubuta sunan wanda ya jera kayan ranar Juma'a ba, ba ta ce "saboda sakacin wane" ba. Littafin firji wurin bayyana halin firji ne. Da zarar ya zama wurin ɗora laifi, ma'aikata za su daina rubuta gaskiya a cikinsa, su koma "lafiya lau". Wannan nauyi yana kan shugabanni fiye da ƙananan ma'aikata. Incaj ɗin da ya yi wa yarinya faɗa a gaban jama'a don ta rubuta cewa firji ya sauka ƙasa da sifili ya koya wa kowa a ɗakin cewa shiru ya fi riba.

Sashe na huɗu shi ne wanda aka fi yankewa: sai kuma me? Nan ne "za a" ke yin ɓarna. "Za a duba." "Za a sanar da hukuma." Wa zai duba? Yaushe? Kowa ya karanta ya ɗauka wani ne, mai aikin yamma ya ɗauka na safe ya kira, na safe ya ɗauka incaj zai kira, Talata ta zo iyaye mata su cika benci babu maganin da aka amince da shi. Mataki na gaba yana bukatar abu uku: aikin, mai yinsa, da wa'adi. A layin misalinmu an raba abin da aka riga aka yi, wato warewa da kira, daga abin da ya rage, wato kawo wata Penta da gwaji, kuma kowanne yana da mutum da lokaci. Dubi kuma yadda ta tsaya a iyakar ikonta. Ba ta zubar da maganin ba, ba ta kuma fitar da shi daga firji ba. Maganin da ake tuhuma ana ci gaba da ajiye shi cikin sanyin da ya dace har sai gwaji ya raba gardama, domin idan ya zamana lafiyarsa ƙalau, kada a ce zafin teburi ne ya lalata shi yayin jira.

Ko da babu matsala, sashen nan ba ya zama fanko. "Babu gargaɗi, dubawa ta gaba yau 4:00 na yamma" ya wadatar. Layin ranar da komai ya tafi daidai gajere ne: rana, ƙarfe, firji na 1, +4.5, babu gargaɗi, sa hannu. Tsawon layi yana bin girman abin da aka tarar.

Layin da ya buɗe magana yana bukatar wani ya rufe ta. Gwajin girgiza yana ɗaukar lokaci domin sai an tanadi kwalbar kwatance: a ɗauki ɗaya daga irin maganin, kamfani ɗaya, rukuni ɗaya, a daskarar da ita da gangan a firiza na aƙalla awa 10 har ta zama ƙanƙara, a bar ta ta narke, a yi mata alama. Sai a riƙe ta tare da kwalbar da ake tuhuma a hannu ɗaya, a girgiza su daƙiƙa 10 zuwa 15, a ajiye a kan tebur inda haske ke ratsa su, a zuba ido. Wadda ta taɓa daskarewa, garin cikinta yana yin gudaji-gudaji ya kwanta da sauri, ruwan sama ya washe. Mai lafiya tana zama da hazo-hazo, tana kwanciya a hankali. Idan wadda ake tuhuma ta kwanta daidai da ta kwatance ko ta riga ta, ta lalace. Gwajin yana aiki ne ga magunguna irin Penta da allurar sarƙe-haƙora. Ba ya aiki ga allurar shan inna da ake yi a cinya, duk da ita ma sanyi yana lalata ta, don haka ita sai a nemi umarnin jami'i.

Ranar Talata sai a samu layi na biyu a ƙarƙashin na farko: "Talata 14 ga Janairu, 9:30 na safe. Ni da jami'in sanyi mun yi gwajin girgiza kan Penta ta rahoton jiya. Kwalaben da muka gwada sun kwanta daidai da ta kwatance. Sun faɗi gwaji. Jami'i ya tafi da duka rukunin da aka ware, ya sa hannu. An karɓi sababbi 12, suna kwandon sama. Ba a yi wa kowane yaro allura daga waɗanda aka ware ba. Zan riƙa duba mafi ƙasan sanyi kowace safiya har Litinin mai zuwa. In ya sake sauka ƙasa da +2, zan kira mai gyara a ranar." Duk wanda ya buɗe littafin bayan wata shida zai ga matsalar da yadda ta ƙare. Ba tare da wannan layi na biyu ba, na farko zai zauna yana tayar da hankalin duk wanda ya karanta, ko kuma wani ya tsinci ledar a firji ya ce ai an daɗe, ya mayar da kwalaben cikin sauran.

Saura ɗan abu game da gyara. In an yi kuskuren lamba, a ja layi ɗaya a kanta yadda za a iya karanta tsohuwar, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu. Ba a gogewa, ba a shafa farin fenti, ba a yage shafi. Idan kuma ta waya za a aika wa jami'i, a tura jimlolin nan kamar yadda suke a littafi, ko a ɗauki hoton shafin. Saƙon murya yana da sauƙi, amma ba a iya nemansa cikin gaggawa bayan wata biyu, kuma lamba tana saurin canzawa daga baki zuwa kunne.

Incaj-incaj na asibitoci da jami'an ƙananan hukumomi, ku buɗe littafin firjinku ku karanta layuka goma na ƙarshe. Duk inda kuka ga hukunci babu lamba, ko "za a" babu suna da wa'adi, ku zauna da ma'aikacin ku sake rubuta layin tare, ba da faɗa ba. Wadda kuma ta rubuta muku labarin da ba ku so ji ba, da ƙarfe da lamba da sa hannunta, ku gode mata a gaban abokan aikinta.